Man goge bakin yara mai fulorayid: sharhina bayan mun kusa cinye roba guda

Man yana da kyau, robar da aka zuba shi ce ba ta yi mini ba. Na saye shi a wani kantin magani kusa da Taminus a nan Jos, roba ce mai giram 50, mai ƙamshin istiroberi, an rubuta 1000 ppm a bayanta. Yara biyu ke amfani da shi a gidana, autana mai shekara biyu da 'yan watanni, da yayarsa mai shekara biyar. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ƙorafin da nake da shi ya shafi yawancin irinsa da na gani a kasuwa, kuma lambar nan ta bayan roba ta fi sunan muhimmanci.

Ita ce ta sa na ɗauke shi na bar na kusa da shi, wanda ya fi shi kyan kwali amma aka rubuta masa 500 kawai, da wani kuma da ke taƙama da cewa babu fulorayid, wato sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, a cikinsa sam. Ma'anar 1000 ppm ita ce, a kowane giram ɗaya na man akwai miligiram ɗaya na fulorayid. Likitocin haƙori sun daɗe da lura cewa man da bai kai wannan ƙarfin ba kariyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka shawararsu ga yara ba a rage ƙarfin man ba ce, a rage yawan abin da ake matsawa a buroshi. Na manya yakan kai 1450.

Ɓawon haƙori, farin nan mai sheƙi da ake kira inamel, shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne na kalsiyam da fosfet da suka dunƙule. Sai dai duk taurinsa, tsami yana narkar da shi. Yaro ya sha shayi mai sukari ko ya tsotsi alewa, ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori su ci sukarin, su fitar da asid. Da zarar tsamin ya yi yawa har ma'aunin tsami da ake kira pH ya sauka ƙasa da 5.5, sai kalsiyam da fosfet su fara zarewa daga ɓawon. Bayan rabin awa zuwa awa guda miyau ya wanke tsamin, ya fara mayar da abin da ya zare, domin shi ma miyau yana ɗauke da waɗannan ma'adinan. Haka ake yi kullum a bakin kowa: a ɗiba, a mayar. Ramin da muke cewa tsutsa ta ci haƙori, babu wata tsutsa a ciki, ɗiba ce ta fi mayarwa yawa tsawon watanni.

Aikin fulorayid yana wurin mayarwar nan. Idan akwai ɗan kaɗan daga cikinsa a miyau da jikin haƙori lokacin da ake gyaran, yana jawo kalsiyam da fosfet su zauna da sauri, kuma shi kansa yana shiga cikin sabon ginin. Abin da ke fitowa ya fi na asali jure tsami, ba ya fara narkewa sai ma'aunin ya gangaro wajen 4.5. Kamar katangar ƙasa ce da damina ke zaizaya ana yi mata yaɓe, sai aka samu ɗan siminti aka riƙa gaurayawa cikin kwaɓin: kowane yaɓe ya fi na baya ƙarko. Yana kuma rage wa ƙwayoyin cutar kuzarin fitar da asid, amma wannan ƙaramin aikinsa ne.

Abin lura shi ne duk wannan a saman haƙori yake faruwa, a cikin baki. Ba sai an haɗiye ba. Kuma haƙoran farko na yaro sun fi bukatarsa, domin ɓawonsu bai wuce kusan rabin kaurin na manya ba, rami yana saurin isa ga jijiya. Surukata ta ce mini, “Ke 'yar nan, haƙoran da za su fita da famfara ne kike wa wannan hidima?” Na ce, “Hajiya, turamen ciki sai ya kai shekara goma ko fiye za su fita, kuma su ke tsare wa na dindindin gurbi.” Ita da asuwaki ta saba, kuma haƙoranta lafiya lau, ban musa ba. Amma ba ta tashi da biskit da lemon kwali a jakar makaranta ba.

To, me ya sa ake cewa ɗan shafe kawai? Domin yaro ƙarami bai iya tofarwa ba. Abin da ka sa masa a baki, cikinsa ya nufa. A lokacin kuma haƙoransa na dindindin suna can cikin dasashi ana ƙera su. Fulorayid da ya shiga jini fiye da kima yana dagula ƙwayoyin da ke gina ɓawon, sai haƙorin ya fito da fararen zane-zane ko ɗige-ɗige, idan abin ya yi tsanani ya zama ruwan goro har da 'yan ramuka. Wannan shi ne fulorosis, kuma ba ya gogewa da buroshi. Haɗarin yana nan har wajen shekara takwas, amma haƙoran gaba na sama, waɗanda murmushi ke nunawa, sun fi shiga hatsari tsakanin shekara ɗaya da uku, daidai lokacin da yaro ke lashe duk abin da ya ji zaƙi.

Na zauna na yi lissafin a kan autana. Nauyinsa kilo 12 ne. Ma'aunin da ake bi shi ne kusan miligiram 0.05 na fulorayid ga kowane kilo a yini, daga ruwa da abinci da komai, wato shi rabonsa 0.6. Shafe mai girman ƙwayar shinkafa kusan giram 0.1 ne, ke nan miligiram 0.1 na fulorayid. Safe da dare, 0.2. Ko da ya haɗiye duka, da sauran fili. Amma a cika buroshi daga wannan baki zuwa wancan kamar yadda ake nunawa a talla, an matsa kusan giram guda. Sau biyu a yini, miligiram 2 ke nan, ya ninka rabonsa fiye da sau uku tun bai sha ko kofin ruwa ba. Kwana ɗaya ba ya komai. Kullum tsawon shekara biyu, shi ne ke barin tabo. Ita yayar, da yake tana tsakanin uku da shida kuma ta iya tofarwa, nata ya kai girman ƙwayar waken suya, kusan giram 0.25.

A nan ne robar ta ba ni haushi. Bakinta yana da faɗi, irin na manya. Ka ɗan taɓa ta, man ya zubo ya fi abin da kake so sau uku. A jikin kwalin kuma hoton buroshi ne a cike taf da mai har ya yi ƙugiya, alhali umarnin gaskiya yana can gefe da ƙananan baƙaƙen Turanci waɗanda sai ka kai su bakin taga za ka iya karantawa. Wace uwa ce za ta bi rubutun ta bar hoton? Dabarar da na samu ita ce ba na matsa man a kan buroshi. Nakan ɗan danna robar har man ya leƙo, sai in goga tsinin gashin buroshin a bakinta a karkace. Abin da ya ɗauko fenti ne kawai a kan gashi, kana hango launin gashin ta cikinsa. Sai in danna shi da ɗan yatsa mai tsabta ya shige tsakanin gashin, don kada yaron ya lashe shi tun kafin a fara.

Ɗanɗanon kuma yana da amfani, yana da illa. Babu yajin na'ana'a irin na makilin ɗin manya, don haka ba a kokawa da su, ko da sanyin safiyar Jos da yaro ba ya son ruwa ya taɓa shi. Amma zaƙin ya yi yawa. Autana ya ɗauke shi alewa, yana ganin robar yana miƙo hannu yana cewa a ƙara. Yanzu a saman kwaba take zama tare da magunguna, kuma ni nake matsawa, ba yayarsa ba. Kumfarsa kaɗan ce, wannan na yaba, domin ina iya ganin inda nake gogewa.

Nakan zaunar da autan a cinyata ya jingina kai a ƙirjina, in ɗaga leɓen sama da yatsa, in bi gindin haƙora inda suka haɗu da dasashi, nan dauɗar ke taruwa. In mun gama sai in share kumfar da tsumma mai tsabta. Yayar tana tofarwa, amma ba ta kurkure baki da ruwa. Wannan ne ya fi wa mutanen gidan wuyar karɓa, sun ga kamar ƙazanta ce. Ai kurkurewar ita ke wanke ɗan fulorayid ɗin da ake so ya kwana a jikin haƙori. Na dare ya fi muhimmanci, domin miyau yana raguwa idan ana barci, kuma bayansa babu shayi babu madara sai ruwa.

Na ga canji? A bakin yarinyar akwai wani farin tabo mara sheƙi kamar alli a gindin haƙorin gaba, daf da dasashi. Likitar da ta duba ta ta ce ruɓewa ce a matakin farko, ɓawon ya rasa ma'adini amma bai fashe ba, kuma irin wannan ne fulorayid ke iya tsayarwa. Bayan 'yan watanni tabon bai ɓace ba, amma bai faɗaɗa ba, ya kuma yi santsi ya fara sheƙi. Ba zan ba man shi kaɗai yabon ba, don a daidai lokacin muka hana alewar bayan Islamiyya. Likitar ta kuma nuna mini bambancin da ban sani ba: farin ruɓewa yana bin gindin haƙori kuma daga baya yake bayyana, na fulorosis kuwa da shi haƙorin ke fitowa, kuma yakan zo iri ɗaya dama da hagu. Idan rami ya riga ya buɗe, babu man da zai cike shi, sai asibiti.

Mu 'yan Filato akwai abin da ya kamata mu ƙara dubawa, wato ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fulorayid a ruwan sha miligiram 1.5 a lita. A wasu yankunan jihar nan, Langtang ta fi shahara da haka, duwatsun ƙasa suna zuba wa ruwan rijiya da na burtsatse fiye da wannan, kuma ana ganin shaidarsa a haƙoran mutane. Yaron da ke shan lita guda ta irin wannan ruwan ya riga ya wuce rabonsa tun kafin a zo maganar buroshi. Tafasawa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa kauri idan ruwan ya ƙone. Idan manyan yaran unguwarku suna fitowa da haƙora masu dabbare-dabbare, a kai ruwan a gwada, a kuma tambayi likitan haƙori kafin a zaɓa wa jariri mai.

Game da kuɗi, ya fi na manya tsada idan aka auna giram da giram, amma da ma'aunin da ya dace yarana biyu ba sa cin fiye da giram 0.7 a yini, roba guda ta wuce wata biyu. Yaro ɗaya ɗan ƙasa da shekara uku zai yi wata takwas da ita. Zan sake saye, bayan na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sai dai in na samu mai 1000 ɗin da bakin robarsa ya fi wannan tsukewa kuma zaƙinsa bai kai haka ba, shi zan koma wa.