Na Biya Kuɗin Firiza, Bayan Kwana Uku Aka Ce Kaya Sun Ƙare

Ana saura kwana goma Babbar Sallah na ga tallar firiza a shafin wani shagon kayan lantarki da ke nan Kaduna, wanda na taɓa sayen fanka da dutsen guga a wurinsu ba tare da wata matsala ba. Na tambaya ko akwai ta a ƙasa, aka ce akwai, sai na tura naira 385,000 ta tiransifa, har da kuɗin kawo ta gidana a Unguwar Rimi, kuma suka aiko mini da rasit.

A rana ta uku, ina jiran mai kawo kaya, sai ga saƙo cewa an soke odata domin kayan sun ƙare. Da na kira, yaron shagon ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ta ƙarshen wani ya ɗauka tun shekaranjiya." Wato ranar da suka ga alat ɗina ba su ware mini komai ba.

Sun ba ni zaɓi uku: in jira mako uku sababbin kaya su iso daga Legas, ko in cika naira 70,000 in ɗauki babba, ko in bar kuɗin a wurinsu in sayi wani abu daga baya. Maganar mayar da kuɗi ba ta fito daga bakinsu ba sai da na tayar da ita, alhali shi ne haƙƙin duk wanda ya biya bai karɓi kaya ba. Na je bankina, inda ma'aikaciyar ta bayyana mini cewa kuɗin da mutum ya tura da hannunsa ba sa janyuwa sai da amincewar wanda aka tura wa, amma da a ce da kati na biya, da zan iya shigar da ƙorafi banki ya bi mini kadinsu. Saboda haka na rubuta wa shagon, na haɗa da rasit da hoton hirarmu, na ba su kwana bakwai, na kuma ce in wa'adin ya wuce zan kai ƙara Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya.

Gaskiya manajan ya kira ni da kansa cikin mutunci, kuma a rana ta biyar kuɗina suka dawo cif, har da na kawo kaya, na yaba masa a kan haka. Sai dai zuciyata ta sake ɓaci da na ga tallar firizar tana nan a shafinsu, an mayar da farashinta naira 420,000. Kuɗin sun dawo ne a daf da jajiberi, lokacin da farashi ya tashi a Kasuwar Shaikh Abubakar Gumi, dole uwargida ta soye yawancin naman layya, sauran muka kai ajiya gidan maƙwabta. Ba zan ƙara tura musu ko sisi ba sai na je shagon na ɗora hannuna a kan kayan.