Kafin ka biya lasisin manhajar rage wa biraket nauyi

In ka daɗe kana zana biraket, ka san yadda ake rage masa nauyi da ido: a huda nan, a sirance can, a ƙara haƙarƙari inda ake tsoro. Manhajar tofoloji lissafi take yi a madadin idon. Kai za ka ba ta filin da aka yarda ƙarfe ya zauna, da wuraren ɗauri, da lodin da zai hau. Ita kuma sai ta yanka filin ƙananan gidaje kamar raga, ta ba kowane gida maki tsakanin 0 da 1, wato babu ƙarfe ko cike da ƙarfe. Hanyar da aka fi bi ita ce SIMP, wadda ta samo asali daga aikin Martin Bendsøe na 1989. Taurin gida yana bin maki sau maki sau maki ne, don haka gidan da ya cika rabi yana ɗaukar rabin nauyi amma taurinsa kashi ɗaya cikin takwas ne kawai. Shi ya sa lissafin yake gudun rabi-da-rabi, har a ƙarshe a ga hanyoyin da lodi ke bi sun fito fili. Abin da ake tallatawa da sunan Generative Design kuwa, maimaita irin wannan lissafi ne a kan ƙarafa da hanyoyin ƙira daban-daban, a jero maka sakamako ka zaɓa.

Ni dai OptiStruct na Altair nake so, tare da Inspire da ke sauƙaƙa shiga cikinsa. Ya daɗe a fagen tun shekarun 1990, kuma da shi aka yi aikin haƙarƙarin gaban fiffiken Airbus A380. Amma abin da ya ja ni gare shi shi ne yana barin ka faɗa masa yadda za a ƙera abin tun kafin ya fara cire ƙarfe.

Mu ɗauki biraket na alminiyam 6061-T6 da zai riƙe famfo mai kilo 12 a jikin na'ura mai jijjiga, da bol huɗu M8. Filin da ke akwai milimita 120 ne a 80 a 60, wanda in aka cike shi zai kai kusan kilo 1.55. Ka fara ware zoben ƙarfe a kewayen kowane ramin bol, ka ce kada a taɓa. Ka kuma toshe hanyar da sifana za ta shiga, in ba haka ba manhajar za ta shimfiɗa reshe daidai kan bol ɗin, don nan ne hanya mafi kusa. Sai lodi: in girgizar ƙasa da sama ta kai ninki 5 na nauyi, wajen nuton 590 ke nan; ta gefe ninki 3, wajen nuton 350; ta gaba da baya ma haka. Kowanne ya shiga a matsayin lodi mai zaman kansa. Da gidan raga na milimita 2 za ka sami gidaje 72,000, ka nemi mafi tauri da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfen, wato kusan giram 470.

Yanzu ga inda kuɗinka ke aiki. `MINDIM` shi ne mafi sirantar reshen da ka yarda da shi, kuma ƙa'idar ita ce kada ya gaza ninki uku na gidan raga, a nan milimita 6. In ka bar shi, za ka sami siraran rassa da babu bakin injin sassaƙa da zai fitar. Sai alkiblar zarewa, `DRAW`: in zubi za a yi, ko sassaƙa daga fuska ɗaya, ka nuna masa ta inda za a zare, ba zai bar maka kogo a ciki ba. Kana kuma iya gindaya masa cewa mitar jijjigar biraket ta farko ta wuce ta injin da tazara, da iyakar lanƙwashewa ga rassan da ake dannewa. Waɗannan biyun su ne nake fara tambayar duk mai sayarwa.

Sauran kuwa: Topology Study na SolidWorks ya isa in kana da lasisin Simulation da ke ɗauke da shi kuma ɓangare guda kake dubawa. Fusion na Autodesk yana da daɗin kwatanta ƙarafa, da shi General Motors suka haɗe sassa 8 na biraket ɗin kujera suka zama ɗaya a 2018, amma lissafin a sabar kamfanin ake yinsa, wanda ba kowane abokin ciniki zai yarda ba. Ansys da Tosca, in da ma a cikinsu kake aiki, zauna a nan. nTop na masu bugun 3D ne.

Abin da ya fi cin mutane shi ne hoton da ake nuna musu. An taɓa kawo mana biraket daga wani ɗan kwangila, rassa sumul, rahoto duk shuɗi, an ce ya ragu da fiye da rabi. Kyan ɗan maciji. Bai daɗe a kan teburin jijjiga ba ya tsage a gindin reshe. Da muka nemi fayil ɗin lissafin, sai ga lodi ɗaya tak, na ƙasa, kuma an kafe ramukan bol gaba ɗaya kamar an yi musu walda da dutse. Biraket ɗin da ka zana da hannu yana da rarar ƙarfe da ke rufa maka asiri a kan lodin da ba a lissafa ba. Wannan rarar ce manhajar take fara cirewa. Gasar da GE ta shirya a GrabCAD a 2013, wadda aka sauko da biraket ɗin injin jirgi daga giram 2,033 zuwa 327, lodi huɗu aka bayar har da murɗawa, kuma sai da aka buga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe da titaniyam aka gwada su a kan na'ura.

Don haka duk wanda ya zo maka da kashi kaza na ragi, tambaye shi da me ya kwatanta. In da cikakken filin zane ne, tubalin nan mai kilo 1.55, ba ragi ba ne, don ba wanda ya taɓa ɗaura tubali. A kwatanta da biraket ɗin da ke aiki yau. Tambaye shi kuma nauyin na kafin sake zane ne ko na baya. Abin da lissafin ke fitarwa makin gidaje ne, kuma matsar da ma'aunin yankewa, wato makin da ake jefar da duk gidan da bai kai shi ba, daga 0.3 zuwa 0.5 kaɗai yana iya tsinke reshe ko ya canza nauyi. Dole a sake gina siffar, a Inspire da PolyNURBS ko a manhajar zanenka, a sa lanƙwasar kusurwa, a sake lissafi da raga mai laushi da ɗaurin bol na gaske. Nauyi yakan ƙaru a wannan mataki. Wanda ya miƙo maka STL kawai, rabin aiki ya yi.

Sai gajiyar ƙarfe, wadda rahotannin talla ke tsallakewa. 6061-T6 yana fara lotsawa ne a wajen megafaskal 275, amma a jijjigar da ba ta yankewa abin da yake jurewa bai kai 100 ba. Rahoton da ya nuna 150 ya ce lafiya lau, lodin tsaye ya duba. In bugun 3D ne, kaushin fata yana ƙara rage juriyar, sai an goge wuraren da matsi ya taru.

Kada ka yanke shawara a kan misalin da mai sayarwa ya zo da shi. Karɓi lasisin gwaji, ka sa naka biraket da lodinsa duka, ka kai shi har fayil ɗin STEP, sannan ka tura wa mai injin da zai sassaƙa ya faɗi farashi da lokacin aiki. A kan ƙananan biraket na alminiyam, sau da yawa giram ɗin da aka rage ba ya biyan ƙarin sa'o'in injin, sai in abin tashi zai yi ko gudu.