Matse faifan VirtualBox: ya dawo mini da waje, amma Snapshot ya kusa ɓata aikin

Faifan kwamfutata gigabait 256 ne kacal, kuma fayil ɗaya mai ƙarewa da `.vdi` ya cinye 78 a ciki. Fayil ɗin shi ne faifan wata Windows da nake gudanarwa a VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfuta ta kwaikwayo a cikin taka. Abin haushin shi ne Windows ɗin tana nuna gigabait 31 kawai take amfani da shi. Na goge manyan fayiloli a ciki, na zubar da kwandon shara, fayil ɗin na waje ko gezau bai yi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Faifan da aka ƙirƙira a matsayin mai girma da kansa yana ƙaruwa ne guntu-guntu, kowane guntu megabait ɗaya. Idan ka goge fayil a ciki, Windows sunansa kawai take cirewa daga rajistar fayiloli, bayanan suna nan kwance. VirtualBox kuwa ba ta san rajistar ba, tana ganin guntu da rubutu a ciki sai ta riƙe shi. Abin da take yarda ta jefar shi ne guntun da ya zama sifili zalla. Shi ya sa aikin ya kasu biyu: a cika wurin da ba kowa da sifili daga ciki, sannan a matse daga waje.

A cikin Windows ɗin, da izinin mai gudanarwa, na yi amfani da SDelete, wata ƙaramar manhaja da ke cika wurin da ba kowa da sifili:

```
sdelete64 -z c:
```

Nan fa hankalina ya tashi. Ina kallo wajen da ya rage a kwamfutar ta ainihi yana raguwa maimakon ya ƙaru. Na haƙura har ya gama, na kashe na'urar da ke cikin VirtualBox gaba ɗaya, ba ajiye ta a halin da take ba, sannan na buga wannan daga waje:

```
VBoxManage modifymedium disk "Win10.vdi" --compact
```

Ya ƙirga har ɗari bisa ɗari, bai kawo wani kuskure ba, na duba fayil: kusan 78 ɗin nan dai. Wallahi a lokacin na yanke cewa duk masu yabon hanyar nan ba su taɓa gwada ta ba.

Ashe Snapshot ne, wato ajiyar halin da na'urar take ciki a wani lokaci domin a iya komawa gare shi daga baya. Da zarar na'ura tana da shi, babban fayil ɗin ya daskare, ba a sake rubuta komai a kansa. Duk sabon rubutu, har da sifilin da na zuba, yana tafiya wani fayil dabam a cikin jakar `Snapshots`, mai dogon suna na lambobi da haruffa a tsakanin baka biyu. Shi ne ya yi ta kumbura yana cin wajena, ni kuma ina matse wanda ba a taɓa ba. Wanda yake shakka ya buga `VBoxManage list hdds`, ya duba layin `Parent UUID`. Idan ya ga wani faifai yana nuni da nasa a matsayin uwa, to yana cikin irin halin da na shiga. Ni a ganina wannan babban giɓi ne, umarni ya ce ya kammala alhali bai gaya maka cewa akwai wani fayil a gefe da ke riƙe da sauye-sauyen ba.

Na goge Snapshot ɗin, wanda hakan ke haɗe fayilolin biyu su koma ɗaya. Haɗewar tana ɗaukar lokaci, kuma ba abin da za a fara ba ne batir na ƙasa ana fargabar ɗauke wuta, domin idan ta katse a tsakiya faifan na iya lalacewa. Sai da na kwafe jakar na'urar dukanta zuwa faifan waje tukuna. Da na sake matsewa, fayil ya sauko zuwa gigabait 34. Sama da 40 suka dawo mini, ban sayi komai ba. Gaskiya na ji daɗi ƙwarai, har na janye rabin maganganun da na yi.

Bai kai 31 cif ba, kuma ba zai kai ba, tunda guntun da ke da ɗan rubutu ko kaɗan ne ba a jefar da shi.

Sai dai har yanzu akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Matsewar ba ta zama dindindin, kana ci gaba da aiki fayil yana sake kumbura, sai ka maimaita komai daga farko. Kuma `--compact` a kan `.vdi` kaɗai yake aiki. Mai `.vmdk`, irin wanda ake yawan samu bayan shigo da fayil ɗin `.ova`, sai ya fara juya shi da `VBoxManage clonemedium` tare da `--format VDI`, wanda ke buƙatar wajen kwafi na biyu, abin da mai neman waje ba shi da shi. Idan kuma an kunna BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, a cikin na'urar, kada ma a ɓata lokaci, domin sifilin yana isa faifai ne a rufe da ɓoyewa, VirtualBox ba za ta gan shi a matsayin sifili ba.