Kuɗin masu buƙata ta musamman a ƙaramar hukuma: asusu guda, ko kaso a kowane sashe?

Kansiloli da shugabannin ƙungiyoyin nakasassu sun sha tambayata wanne ya fi: a ware asusu ɗaya, ko kowane sashe ya sa nasa a kasafinsa?

Asusu guda ya fi sauƙin bibiya. Kowa na ganin adadin da aka ware da abin da aka saki. Ya dace da keken guragu da na'urar ƙara ji, domin kaya ne masu buƙatar awo, batir da gyara, kuma ofishi ɗaya ya fi iya riƙe rajistar masu su. Illarsa, in kuɗin shiga ya ragu shi ake fara yankewa, sauran sassa kuma su ce ba ruwansu.

Rabawa sashe-sashe ta fi araha wajen gini. Ɗauki asibitin da dakalin ƙofarsa ya kai santimita 50. A ƙa'idar 1:12, wato tsawon santimita 12 ga kowane santimita ɗaya na tudun dakali, gangaren keke zai kai mita 6. In sashen ayyuka ya sa shi tun a zane, ƙarin kuɗin kaɗan ne. In sai an gama ginin aka nemo kuɗi daga asusu, za a fasa dakali, wani lokaci filin bai isa ba, a yi gangare mai tsini wanda mai keke ba ya iya hawa shi kaɗai. Matsalar rabawa ita ce kuɗin yakan ɓace cikin "gyare-gyare" in ba a ba shi layinsa ba.

Tafintan kurame kuwa kuɗinsa na kullum ne kamar albashi, don haka sashen da ke aiki da shi ya kamata ya biya.

Hukumar da ke farawa, ba ta ma da rajista, asusu guda ya fi mata. Wadda ke da gine-gine da yawa a gaba da mai binciken kuɗi tsayayye, rabawa za ta fi yi mata amfani.