Bajon kwas ko na jarrabawa: wanne za ka kashe wa kuɗi?

Kafin ka biya kuɗin kowane kwas na intanet don bajon da za a ba ka, wato alamar shaida ta dijital, ka fara tambayar abu ɗaya: shin akwai mai sa ido a jarrabawar? Masu ɗaukar ma'aikata da suka san harkar, nan suke fara dubawa.

Mu ɗauki matashin da yake son aikin kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta. Mafi araha shi ne gajerun kwasakwasan Cisco Networking Academy, da yawansu kyauta ne, kuma ana ba da bajo in an kammala. Suna da kyau ga mai son gwada ko harkar za ta karɓe shi. Amma kana ɗaki kai kaɗai ka amsa tambayoyin, don haka bajon shaidar ka yi karatu ne kawai.

Sai satifiket ɗin Google IT Support da ke Coursera, shafin kwasakwasan intanet. Kuɗinsa wata-wata ake biya, wato mai jan ƙafa shi ya fi asara, ko da yake ana iya neman tallafin kuɗin. Darussan sun fi zurfi, sunan Google kuma yana jan ido, sai dai nan ma ba mai tsaronka.

CCNA kuwa, jarrabawar kamfanin Cisco kan hanyoyin sadarwar kwamfuta, daban take. Kuɗin jarrabawar dala 300 ne, ana rubuta ta ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE, a cibiya ko a gida da kyamara a kunne, bayan an duba katin shaidarka. In ka faɗi, sai ka sake biya. Bayan shekara uku kuma sai an sabunta ta. Wannan tsananin ne ya sa ake ganin sunanta cikin tallan ayyuka. In kuɗinka na abu ɗaya ne, ka koya a na kyauta, ka tara wa wannan. Aikin gwamnati dai har yanzu takardar makaranta yake fara nema, bajo ƙari ne.

Wajen nunawa mutane ke kwafsawa. Bajo ba hoto ba ne kawai, yana ɗauke da sunan wanda ya bayar, ranar bayarwa, da abin da aka yi kafin a samu. Hoton da ka ɗauka daga allon waya ba ya tabbatar da komai. Karɓi bajonka a Credly, shafin da ake ajiye bajoji, da imel ɗinka na kanka, kada ka sa na wurin aiki, domin ranar da ka bar wurin za a rufe shi. A LinkedIn ka shiga Licenses & certifications, ka saka adireshin bajon a Credential URL, sannan ka buɗe shi a wata wayar ka tabbatar kowa na iya gani. A takardar neman aiki, biyu ko uku da suka dace da aikin sun isa, wanda wa'adinsa ya ƙare kuma ka cire shi.