Kafin ka biya a zana maka fuskar wani da zanen barkwanci

Wato zanen nan da ake ƙara wa fuska gishiri, karikaca in ji masu sana'ar, yawanci iri uku ne za a ce ka zaɓa. Na farko shi ne katon kai ƙaramin jiki. Mutum na gaske tsayinsa kamar kansa bakwai ne da rabi, a nan sai a mayar da shi biyu ko uku amma fuskar kusan ba a taɓa ta. Wannan shi ya dace da oga a ofis ko suruki, ba mai jin haushi, sai dai dariyar kaɗan ce. Na uku kuma irin na katun ɗin jarida, a ja hanci har haɓa, ka bar wa 'yan siyasa shi.

Na biyun, wato na tsakiyar nan da ake ƙara gishirin daidai wa daida, nan ne aikin yake. Mai zanen kirki ba girman gaɓa yake kallo ba, inda fuskar ta bambanta da ta yawancin mutane yake nema, sai ya ƙara wannan bambancin. Tun 1982 wata mai bincike, Susan Brennan, ta yi manhaja a jami'ar MIT ta Amurka a kan wannan dabarar. Kuma fa in an ƙara abu ɗaya dole saura su matsa, in hanci ya yi tsawo sai baki ya sauka, haɓa ta rage, in ko aka kumbura komai tare to kamannin sun tafi kenan, wani mutum daban za ka gani.

Ni na yi wa yayana lokacin da ya yi ritaya. Yana da wushirya, ga gira mai kauri, ga sanƙo, ga tumbi. Mai zanen ya turo zanen fensir na farko, wallahi sanƙon nan har sheƙi yake, ya cinye rabin takardar, kuma eh kowa zai gane shi amma na san Yaya ba zai rataye wannan a falo ba. Na ce malam don Allah sa masa hularsa zanna, ka buɗe wushiryar sosai tunda da ita yake taƙama, girar ma ka ƙara, tumbin a bar shi cikin babbar riga. Da ya gyara na nuna wa 'yar Yaya 'yar shekara 6 ban ce mata komai ba, ta ce "Baba ne!" nan take. Gwajin kenan, in sai ka yi bayani an wuce gona da iri.

Saboda haka kar ka biya duka sai ka ga fensir kafin a sa kala, kuma ka tambaya gyara sau nawa ne cikin kuɗin. Ka tura hoto uku, gaba da gefe da wanda yake dariya, ba mai filta ba. In a intanet ka samo mai zanen, duba ko ya taɓa zana baƙar fata, don wasu leɓe kawai suke kumburawa ko su haska fatar ba wanda ya sa su. In bugawa za ka yi a A3, ce masa 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, tun farko.