Sunan asusu da ba ya nuna mace ko namiji: wanne za a ɗauka don aikin kod?

Sunan da kuka zaɓa a GitHub, dandalin da masu rubuta kod ke ajiye ayyukansu, shi ne zai fito a adireshin ayyukanku, shi ne kuma na shafin da ake ba ku kyauta, wato `suna.github.io`. Masu neman aikin intanet daga Garwa, Marwa ko Ngaundere, musamman mata, da yawa suna so a fara duba aikinsu kafin a san ko su waye. Hanyoyin da aka fi bi uku ne, kuma ba su yi daidai da juna ba.

Kafin zaɓi, sai a san iyakar kowane dandali. GitHub yana karɓar haruffa har 39 tare da gajeren layi a tsakiya. X ba ya wuce 15, kuma ba ya karɓar wannan layin. Gmail yana so daga 6 zuwa 30, shi ma ba ya karɓarsa. Sunan da zai shiga ko'ina ke nan shi ne mai haruffa 6 zuwa 15, daga `a` zuwa `z` da lambobi kawai, ba wata alama. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa shiga, haka ma `é` da `ï` na Faransanci da ke cikin takardun haihuwarmu.

Hanya ta farko ita ce harafin farko na suna haɗe da sunan mahaifi. A ce a katin shaidar wata an rubuta Aïssatou Bouba, sai ta ɗauki `abouba`. Amfaninsa shi ne ya dace da takardar neman aiki, mai ɗaukar ma'aikata zai haɗa su nan take. Amma a nan yankinmu yana da aibi: suna na biyu galibi na uba ne. Wanda ke Turai ba zai gane komai ba, na Garwa kuwa yana ganin `bouba` zai ɗauka namiji ne, ya rubuto wasiƙa yana cewa malam. Sunan bai ɓoye jinsi ba ke nan, ya sauya shi ne kawai.

Ta biyu ita ce sunan wuri da ƙarin `dev`, wato guntun kalmar Turanci ta mai rubuta kod, kamar `benouedev` don kogin Binuwai. Ba ya nuna jinsi ko kaɗan, sai dai yana kama da sunan kamfani, kuma irinsa ake saurin riga mutum ɗauka.

Ta uku, wadda muka fi ba da shawara, kalmar Hausa ce ta wani abu, ba ta mutum ba: `kadarko`, `tsari`, `fitila`. A nan ake bukatar kula, domin Hausa tana tona jinsi a wuraren da ba a zata ba. Ɗan da 'yar sun fita. Marubuci da marubuciya, Bahaushe da Bahaushiya, tauraro da tauraruwa, duk sun raba. Faransanci ma haka, `developpeur` da `developpeuse`, shi ya sa guntun `dev` ya fi. Ita waccan Aïssatou, in ta ɗauki `kadarkodev`, ta samu haruffa 10 da za su shiga dandalin nan uku, ana kuma iya faɗarsa a waya ba sai an jero haruffa ba. Abin da ta rasa shi ne alaƙa da sunanta na takarda, don haka dole ta rubuta adireshin a takardar neman aikinta. Kada a liƙa shekarar haihuwa a ƙarshe: `kadarko99` ya ɓoye jinsi, ya fallasa shekaru.

Inda aka fi yin tuntuɓe ba a sunan ba ne. Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, yana manna suna da imel ɗin da ke kwamfutarku a kan kowane canjin da kuka adana, kuma duk wanda ya buɗe tarihin aikin zai gan su. Ku duba, ku gyara kafin ku adana komai:

```
git config --global user.name
git config --global user.name "kadarkodev"
git log -3
```

Imel kuwa, a kunna `Keep my email addresses private` a saitin GitHub, a sa adireshin da ya bayar mai ƙarewa da `users.noreply.github.com` a `user.email`. Canje-canjen da aka riga aka adana suna nan da tsohon suna, gyaran ba ya komawa baya.

A zaɓa sau ɗaya. GitHub yana barin a sauya suna, yana kuma juya adireshin ma'ajiyar kod zuwa sabon, amma tsohon adireshin bayananku da na `github.io` sukan mutu, tsohon sunan kuma wani na iya ɗaukarsa. Saboda haka ku gwada sunan a dandalin duka, in babu mai shi, ku yi rajistarsa ko'ina a rana ɗaya.